Cinikin kalanda: ina ribar take, kuma me ke cinye ta?

Tambaya: Malam, na gwada abin da manhajar dillalina ke kira Calendar a kan wani hannun jarin Amurka. An ce lokaci ne ke kawo riba, ga shi wata ya cika, farashi bai motsa da yawa ba, amma asara na yi. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, zargina yana kan kalmar nan "da yawa". Bari mu yi lissafi ka gani.

A wannan ciniki kwangilar zaɓi biyu kake riƙewa a kan farashi ɗaya, kowacce tana ba mai ita ikon saye ko sayar da hannun jari a kan farashin kwangila kafin wa'adinta ya ƙare. Ka sayar da mai gajeren wa'adi, ka sayi mai dogon wa'adi, ka cika bambancin daga aljihunka. Duka biyun suna narkewa kullum, sai dai ba da sauri ɗaya ba, domin darajar lokaci ba ta ninkuwa don an ninka kwanaki. Idan farashin kasuwa ya yi daidai da farashin kwangila, ana kintata darajar kamar haka, da S a matsayin farashin hannun jari, T kuma kwanakin da suka rage a matsayin kason shekara:

```
0.4 × S × IV × √T
```

A ce hannun jarin yana dala 100, kuma IV, wato girman hawa da saukar da kasuwa ke hasashe, yana kashi 20 cikin ɗari. Zaɓin saye mai kwana 30 zai kai kimanin dala 2.29, mai kwana 60 kuma 3.24. Ka ga kwana ya ninka, kuɗi bai ninka ba. Ka karɓi 2.29, ka biya 3.24, abin da ya fita daga hannunka 0.95 ne, wato dala 95 a kwangila ɗaya mai hannun jari 100. Na ajiye kuɗin ruwa da la'adar dillali gefe don lissafin ya yi sauƙi.

Ranar da gajeren ya cika, idan farashi yana nan a 100, ya mutu ba a bin ka komai. Dogon kuwa saura masa kwana 30, don haka darajarsa 2.29. Ribarka 1.34 ke nan. Wannan shi ne hoton da ake nuna wa sabon shiga, kuma gaskiya ne, amma a wuri ɗaya tak.

To, a ce farashi ya hau zuwa 105. Gajeren da ka sayar yanzu dala 5 ake bin ka. Dogon ya tashi zuwa wajen 5.64. Abin da ya rage maka 0.64, alhali 0.95 ka zuba. Motsin kashi 5 cikin wata guda ba abin a zo a gani ba ne a kasuwar hannun jari, amma ya isa ya jefa ka asara. A wannan misali, da zarar an wuce kusan 103.5 riba ta ƙare, kuma haka abin yake idan ya faɗi da kusan wannan tazara. Idan ya kai 110, wajen 0.12 kawai zai rage. Dalilin shi ne, nesa da farashin kwangila, zaɓukan biyu suna komawa kusan daraja ɗaya, ratar da ka saya ta rufe.

Ɓarawo na biyu ba a ganinsa a jadawalin farashi. Dogon zaɓi ya fi gajere jin canjin IV, shi ya sa za ka ga Vega ɗinka, wato ma'aunin yadda canjin IV ke taɓa cinikinka, da alamar ƙari. Idan kasuwa ta lafa, IV ya sauko daga 20 zuwa 14, dogon nan zai zama 1.61 maimakon 2.29 ko da farashi bai gusa ba, rabin riba ya tafi. Idan kuma abin ya haɗu da hawa zuwa 105, 0.22 kawai za ka tsira da shi. Ni dai nan na fi zaton ka faɗa, musamman idan ka shiga daf da ranar da kamfanin zai bayyana ribarsa, lokacin da IV ke kumbura sannan ya sace da zarar labari ya fito.

Ga yadda za ka tabbatar. Buɗe tarihin cinikinka ka duba IV na kowane wa'adi daban, ranar shiga da ranar fita. Kada ka yarda da lamba ɗaya da manhaja ke nunawa, don wa'adin biyu ba sa tafiya tare. Idan na dogon ya faɗi, ga mai laifi nan. Idan bai faɗi ba, tazarar farashi ce ta ci ka.

Akwai wani tarko kuma a zaɓukan hannun jarin Amurka: wanda ya sayi gajeren yana da ikon neman hannun jarinsa kafin wa'adi, kuma yakan yi haka ana gobe ranar yanke rabon riba idan farashi ya haura na kwangila. Sai ka wayi gari ana bin ka hannun jari 100 da ba ka da su. Shi ya sa nake rufe zaɓukan biyu tare, kwana biyu ko uku kafin gajeren ya cika.