Jadawalin tarihi a PowerPoint: auna shekaru kafin a jera abubuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Agege. Na zana layin abubuwan da suka faru daga 1861 zuwa 1960 da SmartArt, sai wani ɗalibi ya ce tazarar 1861 da 1900 daidai take da ta 1951 da 1954. Yaya zan gyara, kuma in haɗa masu alaƙa wuri guda?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Yaron nan ya yi gaskiya, ki sa masa albarka. SmartArt akwatuna yake ƙirgawa, bai san shekara ba, shi ya sa ya ba shekara 39 da shekara 3 fili iri ɗaya. A ajiye shi, a yi zanen da hannu.

Ki fara da awo. Faɗin shafin PowerPoint na yau da kullum santimita 33.87 ne. Ki ja miƙaƙƙen layi mai tsawon santimita 30 (ki danne Shift yayin ja don kada ya karkace), ya fara daga santimita 2 ta hagu. Layin ya tashi daga 1860 zuwa 1960, shekara 100 cif, kin ga kowace shekara ta samu santimita 0.3, kowace shekara goma kuma santimita 3. Ki yi 'yan gajerun sanduna 11 na shekaru goma-goma, ki ɗora ta farko da ta ƙarshe a bakunan layin, ki zaɓe su duka, sannan Shape Format, Align, Distribute Horizontally. Nan kaɗai wannan umarnin yake da amfani. In kika yi wa abubuwan tarihin shi, kin koma gidan jiya.

Su abubuwan, lissafi ne zai ba kowanne mazauninsa. Ki jera shekarun a Excel daga A2, ki rubuta wannan a B2 ki ja shi ƙasa:

```
=2+(A2-1860)*0.3
```

Karɓe Legas da Turawa suka yi a 1861 zai faɗa a 2.3, cin Kano da Sakkwato a 1903 a 14.9, haɗe Arewa da Kudu a 1914 a 18.2, samun 'yanci a 1960 a 32. Kowane abu ki yi masa siririyar sanda a tsaye, ki shiga Format Shape, Size & Properties, Position, ki rubuta lambar a Horizontal position. In kwamfutar inci take nunawa, ki ƙara cm a bayan lambar, za ta juya da kanta. Sandar za ki ba lambar, ba akwatin rubutu ba, domin daga gefen hagu ake auna abu, akwati mai faɗi sai ya goce daga shekararsa. Gwajin mai sauƙi ne: 1910 dole ta zauna a tsakiya, a 17, sandar 1914 kuma ta ɗan gota ta.

Yanzu za ki ga abin da nake so ɗalibanki su gani. Hagu fili fetal, dama kuwa cunkoso kamar Oshodi da yamma, domin tsarin mulkin Richards na 1946, na Macpherson na 1951, na Lyttelton na 1954 da ranar 'yanci duk sun matsu cikin santimita 4.2. Don Allah kada ki matsar da su don rubutu ya samu wuri. Cunkoson nan shi ne darasin: yaro da idonsa zai ga yadda al'amura suka yi gudu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ki bar gindin sandunan inda suke, ki bambanta tsawonsu, wannan doguwa, mai bi mata gajeruwa, rubutun ya hau bene-bene. In duk da haka ya ƙi, ki yi shafi na biyu na 1945 zuwa 1960 kaɗai, santimita 2 ga kowace shekara, ki rubuta a samansa cewa an faɗaɗa awon.

Batun rukuni, biyu sun ishe ki. Mamaya da haɗe yankuna (1861, 1900, 1903, 1914) su hau saman layi. Tsare-tsaren mulki, daga na Clifford na 1922 zuwa na 1954, su sauka ƙasa, kowane rukuni da sunansa a gefen hagu. Na fi son rabo da wuri a kan rabo da launi, domin in kika kai shagon buga takardu aka fitar miki da baƙi da fari, ja da kore duk toka-toka za su koma.

Kowace sanda ki haɗa ta da rubutunta da Ctrl+G, amma sai bayan kin gama ba ta lambarta. Daga nan ki adana a PDF kafin ki tura ta waya. In aka buga a A4 zanen zai ɗan ƙanƙance, amma gaba ɗayansa zai ragu tare, tazarar shekarun ba za ta lalace ba.