Yadda za ka gane ko ƙaramin kamfani yana da ƙwari

Tambaya: Ina aikin banki, albashina na zuwa kan kari. Wani ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa a Kano ya yi min tayin albashi mafi tsoka. Ta yaya zan san ba zai durƙushe ba?

Amsa: Malam, fara da fanshon ma'aikatansu. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, a cire wa ma'aikaci kashi 8. Nemi wani ma'aikacinsu, a wajen ofis, ya duba asusun fanshonsa. In ana cire masa amma kuɗin ba sa shiga, kamfanin na toshe wani rami da su ne, kuma galibi albashi ne zai biyo baya.

Sai ka tambayi mai kamfanin kai tsaye: in ciniki ya tsaya yau, wata nawa za ku iya biyan albashi? A ce suna da naira miliyan 30 a banki, albashi da dizal da haya na cin miliyan 10 duk wata, wata 3 ke nan. Ga mai barin aiki tabbatacce, ƙasa da wata 6 ganganci ne. Kada ya lissafa maka bashin da suke bin diloli, wannan kuɗi bai zo hannu ba.

Ka kuma leƙa rumbunsu da damina. Masu ƙarfi kan sayi shanshera da kaka su ajiye. Wanda injinsa ke kwana uku shiru don ba shanshera, jarinsa ya yi ƙasa. Masu kawo musu kaya a Dawanau ma za su gaya maka ko ana biyansu kan lokaci.