An ƙona kashi 10 na token ɗin, shin ya zama mai wuyar samu kamar Bitcoin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a nan Sakkwato. A wani zauren WhatsApp ana ta tallata mana sabon token. Sun ce guda biliyan 1 ne gaba ɗaya, an ƙona miliyan 100, miliyan 200 kawai ke kasuwa, kuma duk shekara ana raba ladarsa biyu kamar na Bitcoin. Wai dole ya yi ƙaranci, farashi ya tashi. Yanzu naira 10 ne. Gaskiya ne? Ta yaya zan duba da kaina a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka cire ko sisi daga jarin shago, akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka yi: a kowane wata, token nawa ne sababbi ke shigowa hannun masu iya sayarwa, kuma nawa ne ke fita har abada? Bambancin waɗannan biyun shi ne ƙarancin gaskiya ko akasinsa.

Mu fara da Bitcoin, tunda da shi ake kwatanta naku. Ana ƙara sabon bulok, wato shafin hada-hada, a sarƙar rajistarsa kusan kowane minti 10, wato bulok 144 a yini, kuma wanda ya haƙo bulok ɗin ana ba shi lada da sababbin Bitcoin. Da aka fara a 2009 ladar guda 50 ce. Duk bayan bulok 210,000, kimanin shekara huɗu, sai a raba ta biyu: ta koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sannan 3.125 a watan Afrilun 2024. Daga nan iyakar miliyan 21 ta samo asali. Zangon farko ya fitar da miliyan 10.5, na biyu rabin haka, na uku rabin na biyu, kuma in ka ci gaba da tarawa ba za ka taɓa wuce miliyan 21 ba.

Abin da masu talla ba sa bayyanawa shi ne rabin lada ba ya rage Bitcoin ko ɗaya daga wanda ke hannun mutane. Saurin shigowar sabo kawai yake ragewa. Kafin Afrilun 2024 kusan guda 900 ke fitowa a yini, bayansa 450. A lokacin an riga an haƙo kusan miliyan 19.7, don haka abin da ke ƙaruwa a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ne ƙarfin hujjar Bitcoin: kusan duka ya riga ya fito, babu wani kamfani mai ajiyar da zai buɗe gobe, kuma dubban kwamfutoci ne ke ƙin duk bulok ɗin da ya biya lada fiye da ƙa'ida. Ko da haka, rabin lada ba alƙawarin tashin farashi ba ne. Litecoin ma tana da iyaka, miliyan 84, tana kuma raba lada biyu, amma farashinta ya sauka a watannin da suka biyo bayan rabin 2019 da na 2023. Kowa ya san ranar tun shekaru kafin ta zo, kuma in masu saye ba su ƙaru ba, raguwar sabon kaya kaɗai ba ta ɗaga kuɗi.

Yanzu naku. Cire wanda aka ƙona da wanda ke kasuwa, saura miliyan 700. Ina suke? Amsar tana cikin jadawalin rabon token, wanda za ka gani a takardar aikin ƙarƙashin `Tokenomics` ko `Vesting`. Tunda ba ka turo shi ba, bari in yi misali da irin rabon da ake yawan yi, kai kuma ka sa alƙaluman gaskiya a gurbinsu. A ce miliyan 400 na masu aikin ne da waɗanda suka zuba kuɗi tun farko, an kulle su, ana sako su cikin wata 20. A ce miliyan 240 na lada ne, za a raba miliyan 120 a shekarar farko, 60 a ta biyu, 30 a ta uku. Ragowar miliyan 60 suna asusun kamfani.

Kowane wata kenan miliyan 20 na fitowa daga kulle, miliyan 10 daga lada. Miliyan 30. Cikin shekara ɗaya miliyan 360 sun hau kan miliyan 200 ɗin da ke kasuwa, ya zama 560, kusan ninki uku. In duk waɗanda aka sako wa suka sayar, ana buƙatar sababbin masu saye su kawo naira miliyan 300 duk wata don farashi ya tsaya a naira 10 kawai, ba ma ya tashi ba. In kuwa darajar kasuwar gaba ɗaya ta tsaya a naira biliyan 2 da take yau, token ɗaya zai koma wajen naira 3.6. Kuma ka tuna wanda ya saya tun farko a naira 1, ko a naira 4 ya sayar ya ci riba mai kauri, don haka ba shi da dalilin jira.

Dubi abin da rabin lada ya yi a wannan misali. A shekara ta biyu lada ta sauka daga miliyan 10 zuwa 5 a wata, amma miliyan 20 na kulle suna nan suna fitowa har sai wata na 20 ya cika. Daga 30 an koma 25. A Bitcoin lada ce kaɗai ƙofar shigowar sabo, shi ya sa raba ta biyu ke raba shigowar biyu. A nan kuwa ƙaramar ƙofa aka matse, babbar tana buɗe.

Sai ƙonawa, wato fitar da token daga amfani har abada, inda aka fi yi wa mutane rufa-ido. Tambayar farko ita ce daga ina aka ɗebo abin da aka ƙona. Ɗan kasuwar da ke da buhun albasa 800 a ɗakin ajiya, in ya zubar da 100, albasar da ke kan tebur a kasuwa yau ba ta ragu da ko ɗaya ba, kuma 700 suna jiran ranar fitowa. Haka ƙona token daga asusun kamfani yake: yana rage jimillar da ke takarda, ba ya taɓa abin da ke yawo, kuma bai ci wa kamfanin ko kwabo ba tunda da hannunsu suka ƙirƙiro shi. Ƙonawar da ke da nauyi ita ce wadda ake saye daga kasuwa da kuɗin shiga na gaske, ko wadda ake cirewa daga kuɗin aiki da masu amfani ke biya. Ita ma sai an auna ta. In ana ƙona kashi 1 na kowace hada-hada, kuma token miliyan 50 ne suka canza hannu a wata, rabin miliyan aka ƙona. Miliyan 30 sun shigo, rabin miliyan ya fita.

Ethereum ta nuna wannan a fili. Tun Agustan 2021 take ƙona wani ɓangare na kuɗin aiki, kuma a Satumban 2022 ta rage fitar da sabo da kusan kashi 90. Lokacin da hanya ta cika kuɗin aiki ya yi tsada, abin da ake ƙonawa ya fi sabo, jimilla ta riƙa raguwa. Bayan gyaran Maris 2024 da ya sauƙaƙa kuɗin aiki, ƙonawa ta ragu, jimilla ta koma ƙaruwa, alhali ba a daina ƙonawa ba ko na yini ɗaya. Shiba Inu kuma, a Mayun 2021 Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya ƙona kimanin tiriliyan 410 da aka tura masa, amma sama da tiriliyan 580 suka rage. Girman abin da aka ƙona ba ya gaya maka komai sai ka ga abin da ya saura.

Duk wannan za ka iya dubawa a waya. Nemi adireshin kwantiragin token ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da shi a kan sarƙa, ba sunansa ba, domin kowa na iya ƙirƙirar token mai suna iri ɗaya. In yana CoinMarketCap ko CoinGecko, kwatanta `Circulating Supply` da `Total Supply` da `Max Supply`. In na farko bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na jimilla ba, kamar naku, mafi yawan kayan bai fito ba tukuna. Adadin `FDV` shi ne darajar duka a farashin yau, wanda a lissafinmu ya kai naira biliyan 9 in an cire wanda aka ƙona, alhali kasuwar biliyan 2 ce.

Daga nan liƙa adireshin a shafin BscScan ko Etherscan, gwargwadon sarƙar da yake kai, ka buɗe `Holders`. Token da aka ƙona ta hanyar turawa galibi suna wannan adireshi, wanda babu mai mabuɗinsa:

```
0x000000000000000000000000000000000000dEaD
```

Ka ga ko miliyan 100 ɗin suna can. In ba su nan, duba ko `totalSupply` a ƙarƙashin `Read Contract` ya sauka zuwa miliyan 900, domin wasu kwantiragin goge token suke yi kai tsaye. In babu ko ɗaya cikin biyun, kuma ba su ba ka lambar hada-hadar ƙonawar ba, walat ɗinsu kawai suka canza. Shiga hada-hadar ka duba `From` ka ga ko daga asusun kamfani ta fito. A wannan shafin dai, lura da manyan masu riƙe goma. Miliyan 400 ɗin da aka ce an kulle ya kamata su kasance cikin kwantiragin kulle mai ranar buɗewa. In walat ce ta mutum, kullen na baki ne, yau ma ana iya sayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Buɗe `Write Contract` ka nemi `mint`. In yana nan, kuma `owner` har yanzu walat ce ta wani, to mai ita na iya buga sababbin token, sai dai in an rubuta iyaka a cikin kwantiragin kansa. In ka ga an rubuta `Proxy`, ana iya sauya dokokin kwantiragin gaba ɗaya daga baya. In kuma lambobin kwantiragin ba a bayyana su ba, babu alamar an tantance, ni dai nan nake tsayawa. Yadda buga sabo ke cinye daraja an gani a Luna a Mayun 2022, inda tsarin kansa ya riƙa fitar da token har adadin ya tashi daga miliyoyi ɗari-ɗari zuwa sama da tiriliyan 6 cikin 'yan kwanaki.

Koma zauren ka nemi abu uku a rubuce: adireshin kwantiragi, lambar hada-hadar ƙonawa, da jadawalin buɗe kulle mai kwanan wata. Da su za ka yi lissafin wata-wata kamar yadda muka yi a sama cikin minti kaɗan. In ka same su wani wuri ya shige maka duhu, turo hoton shafin `Holders` mu duba tare.