PR ɗina ya kwana biyar ba a duba ba

"PR ɗina fayil 40 ne, kwana biyar ba wanda ya taɓa shi, ya zan yi?"

Malam, ni ma in na ga fayil 40 wallahi rufewa nake yi. Raba shi. A ofishinmu nan Kaduna an turo mana irinsa, ashe rabinsa canza sunan fankishan ne kawai, ainihin gyaran kuskuren lissafin kuɗi layi shida ya ɓuya a tsakiya ba wanda ya gan shi. Canza suna PR ɗinsa daban, gyara daban, `git add -p` zai baka damar tsintar su. A bayanin kuma kar ka rubuta "fix" ka tafi, faɗi me ya lalace, dalili, fayil ɗin da za a fara karantawa, da yadda ka gwada.