Maka da Makka: baƙi ɗaya ne aka riƙe, ko biyu ne aka jera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin harshe ne a Jami'ar André Salifou, nan Damagaram. A rubutu ina ganin baƙi biyu a "Makka", baƙi biyu kuma a "sarki". Ta yaya zan tabbatar cewa ba abu ɗaya ba ne? In kuma ina son in auna da na'ura, daga ina zan fara, ina zan tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Rubutun boko ne ya rikita ka. Duk almajirin da ya riƙe allo a Birni ko Zango ya riga ya raba maka gardamar: in zai rubuta Makka da ajami, kaf ɗaya zai sa, ya ɗora masa shadda. In kuma sarki ne, sai ya rubuta ra ya sa mata ɗauri, wato sukun, sannan kaf ya biyo. Bakinka ma haka yake yi. Faɗi "maka" sannan "Makka" a hankali. A duka biyun doron harshe sau ɗaya yake tashi ya manne da hanɗa, sau ɗaya kuma yake saki. Bambancin kawai shi ne a Makka ya daɗe a manne. A sarki kuwa bakin harshe ya yi aikinsa ya gama, sannan doron harshe ya karɓa.

Tun kafin ka taɓa na'ura, nahawun Hausa zai ba ka shaida. Ka san t takan koma c a gaban wasalin e: sata, sace. To dubi abin da ke faruwa in t ɗin mai shadda ce. Muna cewa satattu, amma tilonsa satacce, rubutattu, rubutacce. Haka s take komawa sh: gasassu, gasasshe. Canjin bai tsaya a rabi na biyu ya bar na farko ba, duka ya kwashe, domin abu ɗaya ne. Gwada da gafarta da gafarce: t ta canza, r tana nan daram. Wannan shi ne halin baƙaƙe biyu maƙwabta, kowa da gidansa. Ga ƙari: ka ce "ƙaƙƙarfa" ka ɗora yatsa a maƙogwaro. A tsakiyar kalmar fashewar ƙ ɗaya za ka ji, ba biyu ba.

Yanzu awo. Abin da ake aunawa shi ne tsawon rufewa, lokacin da hanyar iska take toshe. Na fi son ka fara da maka da Makka, domin wasulansu duka gajeru ne, karin sautinsu ɗaya, sama sannan ƙasa, kuma k ba ta da ziza, saboda haka rufewarta shiru ce tsit da ido zai gani. Kada ka haɗa sada da sadda. Wasalin farko na sada dogo ne, alhali Hausa ba ta barin dogon wasali a gaban baƙi mai shadda, sai ka zo kana auna abu biyu a lokaci guda.

Ɗauki sautin a ɗaki mai tabarmi ko labule, ka kashe fanka, ka nisanci titin da ƴan kabu-kabu ke bi. Salula ma ta isa, in dai za ta ajiye maka fayil ɗin WAV a 44100 Hz. Na taɓa karɓar saƙonnin murya da wani ya turo mini daga ƙauye, na kwana ina neman wurin fashewar k ban same shi ba, ashe matse sautin da manhajar ke yi ya goge shi. Aikin sati guda ya tafi a banza. Kuma kada mai magana ya faɗi kalmar ita kaɗai. Saka ta cikin jimla, "Na ce ... sau uku", ya maimaita kowace sau 10, a cakuɗe, don kada ya gane abin da kake nema ya fara ja da gangan.

Buɗe fayil ɗin a Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam. Yi masa TextGrid, wato fayil ɗin da ake sa iyakokin sauti a kai, ka zaɓi duka biyun, ka danna View & Edit. A saitin hoton sautin, wato spectrogram, bar Window length a 0.005. Iyaka ta farko tana inda wasalin a ya mutu: igiyar sautin ta daina maimaita siffarta, baƙin layin F2, na biyu daga ƙasa cikin layukan da wasali ke nunawa, ya ɓace daga hoton. Iyaka ta biyu tana kan siririn layin nan na tsaye da ke nuna fashewa. Hucin da ke tsakanin fashewar da wasali na gaba ba ya cikin lissafi, shi ne VOT, awonsa dabam. Wani lokaci k takan nuna layin fashewa biyu kusa da kusa. Ɗauki na farko, kuma ka riƙe wannan doka har ƙarshen aikin.

A ce matsakaicin maka ya ba ka milisakan 70, na Makka 160. Raba 160 da 70, ka samu kusan 2.3. A harsunan da aka auna, mai shadda yakan kai tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa uku na marar shadda, don haka kana kan hanya. Ninkin nan shi ne abin riƙewa. Mai saurin baki a kasuwar Dole zai iya faɗin Makka da rufewar da ba ta fi ta maka ɗin dattijo mai jan magana ba. Kowane mutum ka gwada shi da kansa, kuma ka auna tsawon kalmar gaba ɗaya don ka san saurin da ya yi.

Baƙaƙe biyu mabambanta ba su da wuyar kamawa. A Oktoba ma za ka ga dogon shiru, amma sau da yawa akwai ɗan layin fashewa a tsakiyarsa, inda k ta saki kafin t. Ko babu shi, lanƙwasar F2 a wajen shiga ta k ce, a wajen fita ta t ce, ba su dace ba.

Inda na'urar ke gazawa shi ne in baƙi iri ɗaya sun haɗu a bakin kalmomi biyu. Ɗauki "ya tsaya cak kamar gunki". In mai magana ya ɗan numfasa bayan cak, za ka ga fashewa biyu, magana ta ƙare. In ya zarce, hoton zai ba ka doguwar rufewa ɗaya da fashewa ɗaya, kamar ta Makka sak. A nan awo ba zai raba su ba, sai ka koma ga nahawu. Sa shi ya sake faɗi a hankali, ko ka cusa wata kalma a tsakani: "cak dai kamar gunki" Hausa ce lafiyayya. Makka kuwa, duk yadda ya ja ta, rufewar ce za ta ƙara tsawo, ba za ta tsage biyu ba.

In ka gama da k, sai ka matsa zuwa shida da shidda. A can rufewar ba shiru ba ce, akwai zizar d tana gudana a ƙasan hoton, kuma a shidda za ka iya ganin tana dusashewa kafin fashewa. Kada ka ɗauki wurin da ta dusashe a matsayin iyaka. Jira layin tsayen.