Lissafin ribar mai shago: me ya sa amsar 65 ce ba 64 ba?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. 'Yata tana aji ɗaya na babbar sakandare a nan Zariya, an ba su aikin gida kamar haka: wani mai shago a Tudun Wada yana saro kiret ɗin ƙwai a kan ₦4,200, yana sayarwa ₦4,900. Hayar shago da kuɗin wuta da na dako suna cin ₦15,000 a wata. Yana so kada ribarsa ta wata ta gaza ₦30,000. Kiret nawa ne mafi ƙaranci da zai sayar? Ta samu 64, malaminsu ya ce ba daidai ba ne. Don Allah ina matsalar take?

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wanda ya kai ga 64 ya fahimci kusan duk aikin, a mataki na ƙarshe kawai ta zame. Amma bari a ɗauko shi daga tushe, domin irin wannan tambaya takan zo da fuskoki daban-daban, kuma wanda ya haddace fuska ɗaya sai ya ruɗe idan aka juya masa ita.

Da farko a ba wa abin da ake nema suna. A ce x shi ne yawan kiret ɗin da zai sayar a wata. Kuɗin da zai shigo aljihunsa 4,900 ne sau x. Kuɗin da zai fita kuwa iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai wanda yake tafiya da yawan kaya, wato kuɗin sari, 4,200 sau x. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ciniki, ₦15,000 ɗin nan, ko an sayar ko ba a sayar ba sai mai haya ya karɓi nasa. Riba ita ce abin da ya shigo bayan an cire duka biyun. Tunda an ce kada ta gaza ₦30,000, to ko ta kai daidai ko ta haura, duk ya yi, saboda haka alamar da za a sa ita ce ≥.

4,900x − 4,200x − 15,000 ≥ 30,000

700x − 15,000 ≥ 30,000

700x ≥ 45,000

x ≥ 64.28…

Wannan 700 ɗin ba wani baƙon abu ba ne, shi ne abin da kowane kiret yake bar wa mai shago. Ma'anar layi na uku kuma a fili take: sai ya tara ₦45,000 daga waɗannan ɗari bakwai-bakwai, ya biya ₦15,000, sannan ₦30,000 ta rage masa.

A nan yarinyar ta yi amfani da dokar da aka koya musu tun firamare, cewa abin da bai kai rabi ba a yar da shi, sai ta mayar da 64.28 zuwa 64. Waccan dokar ta kimantawa ce, ba ta aiki a lissafin rashin daidaito. Layin ƙarshe cewa ya yi x ya kai 64.28 ko ya wuce, 64 kuwa bai kai ba. Cikakken adadi na farko da ya cika sharaɗin shi ne 65. Ki sa ta gwada da hannunta. Kiret 64 sau 700 ya ba da ₦44,800, a cire ₦15,000 saura ₦29,800, ya gaza da ₦200. Kiret 65 ya ba da ₦45,500, saura ₦30,500, ya cika har da ɗori. A ganina wannan gwajin na adadi biyu, amsar da kuma wanda yake ƙasa da ita, ya kamata ya zama ɗabi'arta, ko a jarrabawar WAEC ko ta NECO, domin shi yake kama kuskure tun kafin malami ya kama. Idan kuma kin ga wani yaro ya kawo 43, to ya manta da ₦15,000 ne, ya raba 30,000 da 700 kai tsaye.

Bambancin ≥ da > bai fito a wannan tambayar ba, saboda rabon bai zo cif ba. Da kuɗin wata ₦12,000 ne, da 42,000 za a raba da 700 a samu 60 daidai. A nan idan an ce aƙalla ₦30,000, amsa 60 ce. Idan aka ce ribar ta haura ₦30,000, sai 61.

Inda na fi so ki kula shi ne sharaɗin da yake ɓoye a cikin 700x. Mun ɗauka cewa duk kiret ɗin da ya saro ya sayar da shi. Amma a ce tambayar ta zo da cewa ya riga ya saro kiret 80 ya biya, kuma abin da bai sayu ba asara ne, kamar yadda ƙwai yake fashewa a hanya ko ya lalace a zafin watan Afrilu. To kuɗin sari ya daina tafiya da x, ya zama adadi tsayayye, 80 sau 4,200, wato ₦336,000. Idan aka haɗa da ₦15,000 ya zama ₦351,000.

4,900x − 351,000 ≥ 30,000

4,900x ≥ 381,000

x ≥ 77.75…

Yanzu sai ya sayar da 78, ba 65 ba. Kiret 77 ribar ₦26,300 kawai zai bar masa, 78 kuwa ₦31,200. Kuma tunda 80 ne a hannunsa, x yana tsakanin 78 da 80, ma'ana kiret biyu kaɗai zai iya asara. Farashi bai canja ba, kuɗin haya bai canja ba, jimla ɗaya ce a cikin tambayar ta sauya amsar. Shi ya sa kafin yaro ya rubuta ko da alama ɗaya, ya tambayi kansa: an riga an biya kuɗin kayan ne, ko ana saro su ne gwargwadon ciniki?

Fuska ta ƙarshe ita ce wadda take kayar da yawancin ɗalibai. A ce cinikinsa ba ya wuce kiret 60 a wata, kuma ba zai iya ƙara kuɗi ba don maƙwabtansa ₦4,900 suke sayarwa. Nawa ne mafi tsada da zai yarda ya saro? A ce y ne kuɗin sarin kiret ɗaya.

60(4,900 − y) − 15,000 ≥ 30,000

4,900 − y ≥ 750

−y ≥ −4,150

y ≤ 4,150

Alamar ta juya a layin ƙarshe domin an raba ɓangarorin biyu da −1, kuma duk lokacin da aka ninka ko aka raba da adadin da yake ƙasa da sifiri, dole ta juya. Wanda ya manta zai rubuta y ≥ 4,150, wato yana cewa sari da tsada ne yake kawo riba, abin da ko yaron shago ba zai yarda da shi ba. Idan juyawar tana ba ta wahala, ta mayar da y ɗaya ɓangaren tun daga layi na biyu, ta samu 4,900 − 750 ≥ y, sai amsar ta fito ba tare da an taɓa alamar ba. Ta gwada kuma: a ₦4,150 kowane kiret ya bar ₦750, sau 60 ya zama ₦45,000, saura ₦30,000 cif. A ₦4,200 kuwa ₦27,000 kawai za ta rage.

Ta kuma riƙa rufe aikinta da cikakkiyar jimla, kamar "mafi ƙarancin kiret ɗin da zai sayar shi ne 65", don tambayar adadin kiret ta nema, x ≥ 64.28 kuwa tsayawa ne a rabin hanya.