Ina ake ajiye "always" a jimlar Turanci?

Tambaya: Jama'a, an koya mana cewa "always" kafin aikatau yake zuwa. Na rubuta "He always is late", malam ya ja mini jan biro. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanwata, dokar da aka koya miki gaskiya ce, sai dai rabinta aka faɗa miki. Na daɗe ina duba rubutun ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC, kuma nan ne mafi yawansu suke tuntuɓe.

Kalmomin da ke nuna yawan faruwar abu, irin su always, usually, often da never, suna zama ne kafin aikatau idan shi kaɗai ne a jimlar: "He always comes late." Amma idan aikatau ɗin am, is, are, was ko were ne, bayansa suke komawa. Shi ya sa ya kamata ki ce "He is always late." Idan kuma akwai mataimakin aikatau, kamar has, will ko can, sai kalmar ta shiga bayan mataimaki na farko: "She has always lived in Kano." Taki jimlar ba ta hana a fahimce ki, har Bature yakan faɗi haka idan yana son jaddadawa, ko a gajeriyar amsa irin "Yes, he always is." Amma a rubutun jarrabawa za a ɗauke ta kuskure.

Wanda ya fi wannan muni shi ne raba aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. "She speaks fluently English" ba ta da mafita, ɓatacciya ce. English dole ya manne wa speaks, sannan fluently ya biyo baya: "She speaks English fluently." Haka ma "I like very much tea", gyaranta shi ne "I like tea very much." Duk inda kika ga bayanau ya kutsa tsakanin waɗannan biyun, fitar da shi.

Akwai kuma wanda Hausarmu ke jawo mana. Mu mukan ce "Kullum ina zuwa makaranta", sai ɗalibi ya kwaso tsarin ya rubuta "Always I go to school." Sometimes da usually suna iya buɗe jimla lafiya lau, amma always ba ya yi, sai a umarni: "Always lock the door." Never ma idan ya zo farko, sai an juya tsarin kamar na tambaya: "Never have I seen this."

Ki kuma kula da only, don shi jimlar ba ta lalacewa, ma'ana ce ke sauyawa. "Only Musa ate rice" na nufin Musa kaɗai ya ci, ba wanda ya taya shi. "Musa ate only rice" kuwa, shinkafa kawai ya ci, ko nama bai taɓa ba.